Yadda Malamin Jami'a Zai Tambayi Ɗalibin da Yake Zargi da Amfani da Ƙirƙirarriyar Basira Ba Tare da Ya Zalunce Shi Ba

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, malamin da ke duba jinga yakan ci karo da takardar da ta tsaya masa a rai. Turancin ya yi santsi fiye da na wanda ya sani a aji, sakin layi duk tsawonsu ɗaya, an taɓa komai amma ba a zurfafa a komai ba. Zuciya ta ce wannan ba aikin yaron nan ba ne. Wataƙila zuciyar ta yi gaskiya, wataƙila kuma ta yi kuskure, kuma abin da malam zai yi daga wannan lokaci zuwa ƙarshen ganawarsa da ɗalibin shi ne zai raba adalci da zalunci.

Ginshiƙin wannan jagora ɗaya ne. Malam ba shi da hanyar da zai tabbatar daga kallon rubutu kaɗai cewa na'ura ce ta yi shi. Abin da zai iya tabbatarwa shi ne ko manazartar da aka lissafa suna nan a duniya, da ko ɗalibin ya san abin da ke cikin takardar da ya sa wa sunansa, da ko zai iya nuna hanyar da aikin ya bi. Saboda haka tambayoyin su tsaya a kan aikin.

Da farko, duba dokar da ka kafa

Kafin ka kira kowa, ɗauko takardar tsarin kwas da ka raba a farkon zango da littafin dokokin ɗalibai na makarantarku. Me aka ce game da waɗannan manhajoji? An hana gaba ɗaya, ko an yarda a gyara nahawu da su, ko an ce a yi amfani amma a bayyana? Idan ba a ce komai ba, to matsayinka ya yi rauni, domin ba a kama mutum da karya dokar da ba a shimfiɗa ba. A irin wannan hali abin da ya rage maka shi ne tsofaffin laifuffukan da kowace jami'a ta sani: miƙa aikin da ba naka ba a matsayin naka, da ƙirƙirar manazarta ko alƙaluman ƙarya.

Wannan bambanci yana da nauyi saboda "amfani da ƙirƙirarriyar basira" ba abu ɗaya ba ne. Akwai wanda ya liƙa tambayar jinga ya kwafo amsa. Akwai wanda ya rubuta nasa ya ba Grammarly ko QuillBot su gyara masa jimloli. Akwai wanda ya yi tunaninsa da Hausa ya sa manhaja ta juya masa zuwa Turanci. Dukkansu rubutunsu zai iya fitowa da kama ɗaya, amma nauyin abin da suka yi ya sha bamban.

Kada ka jingina da manhajar ganowa

A nan ne malamai da yawa suke zamewa, don haka bari mu tsaya a kai. Manhajojin da ke cewa suna gano rubutun na'ura ba sa ganin inda rubutu ya fito. Abin da suke aunawa shi ne yadda kalmomi ke bin juna ta hanyar da ake iya hasashe. Idan kowace kalma ita ce wadda aka fi tsammani bayan wadda ta gabace ta, sai su ce na'ura ce. To wa ke rubutu haka a cikin mutane? Wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, wanda yake riƙe da kalmomin da ya tabbata da su, yake bin tsarin insha'in da aka haddace masa tun sakandare. Wato galibin ɗalibanmu.

An gwada wannan. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ba manhajojin ganowa guda bakwai insha'i 91 da mutanen da Turanci ba harshensu ba ne suka rubuta don jarrabawar TOEFL. A matsakaici, kusan kashi 61 cikin ɗari na waɗannan rubuce-rubuce na mutane aka yanke musu hukuncin cewa na na'ura ne, alhali insha'in yaran Amurka kusan duk an gane su daidai. Shi kansa OpenAI ya fitar da tasa manhajar ganowa a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin shekarar saboda rashin daidaito: kashi 26 kawai na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma ɗora wa kashi 9 na rubutun mutane laifi. Turnitin, kamfanin manhajar gano satar rubutu, wanda ya ƙara nasa ma'aunin a Afrilun 2023, ya ce kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma shi ma ya gargaɗi malamai kada su ɗauki makinsa a matsayin hujja tilo. Jami'ar Vanderbilt ta kashe wannan ma'auni a Agustan 2023, bayan ta lissafa cewa cikin takardu 75,000 da ta tura a 2022, kashi ɗaya na nufin takardu 750.

Yi wannan lissafi da ajinka. Ɗalibai 400, jinga uku a zango, takardu 1,200 ke nan. Ko da kuskuren kashi ɗaya ne tak, takardu 12 na masu gaskiya za su fito da jan tambari. Lambar da manhaja ta bayar tana iya sa ka sake karanta takarda da kyau. Iyakarta ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato liƙa rubutun ɗalibi a ChatGPT a tambaye shi ko shi ya rubuta. Ba ya ajiye rajistar abin da ya rubuta wa wasu da zai duba ya ba ka amsa, zai dai ƙago amsar da ta yi kama da gaskiya. A Mayun 2023 wani malami a Jami'ar Texas A&M da ke Commerce ya yi haka da takardun ajinsa, manhajar ta amsa cewa ita ta rubuta, aka riƙe sakamakon ɗalibai na ɗan lokaci, daga baya aka wanke wasu. Ban da rashin amfani, ɗora aikin ɗalibi da sunansa da lambarsa a shafukan da ba makaranta ta amince da su ba yana taɓa sirrinsa, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023.

Tattara abin da za a iya nunawa da yatsa

Ɗauki takarda ka raba ta biyu. A gefe ɗaya rubuta abin da kowane malami zai duba ya ga abin da ka gani. A ɗaya gefen rubuta abin da ji ne kawai a ranka. Na gefen farko kaɗai za ka shiga ganawa da shi.

Mafi ƙarfin abin da ake samu shi ne manazartar da babu su. Waɗannan manhajoji sukan haɗa sunan marubuci na gaske da taken maƙalar da bai taɓa rubutawa ba, su ƙara sunan mujalla da lambar shafi, komai ya zauna daram. Bi kowace ɗaya. Nemi taken a Google Scholar, ka shiga shafin mujallar ka duba fitowar shekarar da aka ambata. Idan akwai lambar DOI, liƙa ta bayan `https://doi.org/` ka ga inda za ta kai ka. Idan ta ce babu, ko ta buɗe wata maƙala dabam, rubuta wannan. Sai dai a yi hattara: yawancin mujallun sassan jami'o'inmu da tsofaffin kundayen digiri ba sa kan intanet, don haka rashin ganin abu a Google ba ya nufin babu shi. Tambayi ma'aikacin laburare kafin ka yanke.

Na biyu shi ne ragowar da kwafi ke bari. Taurari biyu a gefen kalma kamar `**haka**`, ko jimlar da manhaja ke yi wa mai tambaya magana da ita irin `As an AI language model`, ko adireshin intanet da ya ƙare da `utm_source=chatgpt.com`. Wannan na ƙarshe yana nuna cewa an samo adireshin ta cikin ChatGPT, amma bai nuna cewa shi ya rubuta jikin aikin ba. Na uku shi ne saɓani da abin da aka nema: an ce a yi amfani da bayanan da aka tattaro a ziyarar da aji ya kai, takardar kuwa ba ta ambaci ko ɗaya ba, ko ta kawo zance a bakin marubucin da kuka karanta a aji wanda babu shi a littafin.

Kyawun Turanci kuwa, da yawan wasu kalmomi, da bambanci tsakanin jinga da takardar gwajin aji, duk suna gefe na biyu. Wanda ya rubuta gwaji cikin minti arba'in a ɗaki mai zafi ba zai yi kama da kansa ba idan ya samu mako biyu da ƙamus da yayar da ta karanta Turanci. Tambayi kanka kuma: da wannan takarda daga hannun ɗalibin da nake ganin ƙoƙarinsa ta fito, zan yi zargi? Idan amsar a'a ce, to ɗalibin kake zargi tun asali, ba takardar ba.

Idan ka gama gefen farko babu komai a ciki, ka duba aikin bisa ma'aunin maki ka wuce. Rubutun da ba shi da zurfi zai samu makin da ya dace da shi ko wa ya yi shi.

Kiran ɗalibi

Kira shi cikin mako ɗaya zuwa biyu da miƙa aikin, tun bai manta ba. A yi kiran a rubuce, shi kaɗai. Kada a faɗa a gaban aji, kada a bi ta wakilin aji da bayanin dalili, kada a saka a zauren WhatsApp, domin sunan da ya ɓaci a aji ba ya gyaruwa ko an wanke mai shi. Saƙon ya zama kamar haka: "Ina so mu tattauna kan jingar da ka miƙa. Ina da tambayoyi game da manazarta da yadda ka shirya aikin. Ka zo ranar Laraba da ƙarfe goma, ka taho da duk abin da ka yi amfani da shi: rubutun hannu, littattafai, fayil a waya ko kwamfuta. Ba a yanke wani hukunci ba. Kana iya zuwa da mai ba ajinku shawara."

Ba shi aƙalla kwana biyu. Wasu malamai suna ganin gara a yi masa ba-zata don kada ya shirya ƙarya. Ba mu goyon bayan haka. Wanda ya yi aikinsa yana buƙatar lokacin nemo takardunsa, wanda bai yi ba kuwa, kwana biyu za su ishe shi haddace abin da ke shafi, amma ba za su ishe shi sanin dalilin da ya sa aka rubuta shi haka ba.

A samu mutum na uku, malami daga sashe wanda ba shi da hannu a maganar, ya zauna yana rubuta abin da aka faɗa. Idan ɗaliba ce, ya fi kyau ta ukun ta zama mace, ƙofa kuma a buɗe, a ofis, a lokacin aiki. Wannan kariya ce gare ta da kai. Minti ashirin zuwa talatin sun isa.

Cikin ofis

Ka ba shi kujera. Ka miƙa masa kwafin aikinsa mai tsabta, wanda babu jan biro a kai, ka bar shi minti biyar zuwa goma ya sake karantawa. Sannan ka buɗe da faɗin gaskiyar abin da ya tara ku: akwai wurare a aikin da kake son fahimta, za ka nuna masa su, kuma za ka saurari bayaninsa kafin ka yanke komai.

Tsarin tambayoyin yana da muhimmanci. Fara da faɗi, ka riƙa matsewa a hankali. Da farko hanyar aiki: "Ba ni labarin yadda ka yi wannan jinga, daga ranar da aka ba da ita." Ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Mai aikin kansa yakan kawo ƙananan abubuwa ba tare da an tambaye shi ba, kamar littafin da ya nema a laburare ya tarar an ara, ko sashen da ya ba shi wahala, ko daren da wuta ta ɗauke ya ƙarasa a waya. Daga nan sai abin da ke ciki: "Wannan sakin layi na uku, faɗa mini da bakinka abin da kake nufi." "Me ya sa ka fara da wannan dalili kafin wancan?" "Me ka so sakawa ka fasa?" Sai manazarta: "Wannan maƙala a ina ka same ta, me ta ce?" Tambayar kayan aiki ita ce ta ƙarshe, kuma a yi ta a buɗe: "Waɗanne manhajoji ko mutane ne suka taimaka maka, kuma a wane mataki?" Wannan ta fi "ChatGPT ne ya rubuta maka ko?" nesa ba kusa ba, domin ta biyun ba ta bar masa komai ba sai musu ko miƙa wuya, ta farkon kuwa tana ba shi hanyar faɗin gaskiya daki-daki.

Idan kwas ɗin ba na gwada Turancin baka ba ne, kuma ku duka kuna jin Hausa, ka bar shi ya yi bayani da ita. Fahimta kake aunawa. Ɗalibi da yawa zai kakare da Turanci a gaban malami, amma ka ce ya faɗa da Hausa sai ka ji ya warware zance tiryan-tiryan.

Kada ka karanta laifi a jikinsa. Mun saba cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma a ofishin malami kowa yana jin as ɗin. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya haɗa ido da babba zai sunkuyar da kai, muryarsa ta yi rawa, ya riƙa cewa "to Malam" ga duk abin da ka faɗa. Wannan "to" ladabi ne, kada a rubuta shi a matsayin amsa laifi. Haka "Malam a yi haƙuri" sau da yawa roƙon sassauci ne daga wanda ya tsorata. Idan ka ji ta, ka tambaya a natse: "Haƙuri a kan me? Faɗa mini abin da ka yi."

Abubuwa uku ne ke lalata ganawa. Na ɗaya, yi masa ƙaryar cewa na'ura ta riga ta tabbatar. Na biyu, ciniki, wato "ka amsa in bar ka ka wuce", wanda ke sa marar laifi ya amsa don ya tsira daga maimaita kwas. Na uku, karɓe wayarsa a shiga bincike. Idan shi da kansa ya ce ga hirar da ya yi da manhajar, ka duba abin da ya nuna maka, ka tsaya a nan.

Shaidar hanyar aiki da iyakarta

Idan ya rubuta a Google Docs, a buɗe `File`, sai `Version history`, sai `See version history`. Za a ga ko rubutun ya taru a hankali cikin kwanaki ko ya faɗo gaba ɗaya a minti ɗaya. A Microsoft Word, ƙarƙashin `File` da `Info` akwai ranar da aka ƙirƙiri fayil da `Total Editing Time`. Tarihi mai tsawo da gyare-gyare shaida ce mai kyau a gare shi.

Rashin wannan tarihi kuwa ba shaida ba ce a kansa, kuma wanda ya san yadda ɗalibanmu ke aiki ya san dalili. Wani a takarda yake rubutawa ya kai shagon buga takardu, fayil ɗin ya fito da sunan kwamfutar shagon da minti ashirin na aiki. Wani a waya yake bugawa da WPS ya tura wa aboki ta WhatsApp a fitar masa. Wani ya rubuta a wani wuri ya kwafo ya liƙa gaba ɗaya. Ga irin waɗannan, tambayi rubutun hannun, ko hoton shafukan littafi da ya ɗauka a waya, wanda ke ɗauke da kwanan wata.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ƙaddara ɗalibin aji uku ne a sashen tarihi, an ba su jinga mai kalma 2,000 kan yadda isowar layin dogo Kano a 1911 ta sauya cinikin gyaɗa. Takardar tsarin kwas ta ce an yarda a gyara nahawu da manhaja idan an bayyana, an hana ta rubuta aiki ko samar da manazarta. Malama ta duba ta ga manazarta tara. Shida ta same su. Uku babu su: marubutan na gaske ne, amma mujallun ba su buga waɗannan taken ba a shekarun da aka ce, kuma lambar DOI ta ɗaya ta buɗe maƙala kan wani fanni dabam. Turancin ya fi na gwajinsa kyau sosai, amma wannan ta ajiye shi a gefe na biyu.

A ganawa ta ce ya ba ta labarin aikin. Ya ce ya fara da darasin aji da littafi ɗaya daga laburare, ya rubuta shafi shida da hannu, ya fito da su daga jaka. Ta nuna sakin layi na huɗu, inda aka ce Turawa auduga suka sa rai jirgin zai kwasa amma manoma suka karkata ga gyaɗa, ta ce ya bayyana dalili.

Ya ce, "Malama, masaƙan Kano suna sayen auduga da daraja, Bature bai iya kai farashinsu ba. Gyaɗa kuma ga kuɗin biyan haraji, in ciniki ya ƙi a ci ta a gida."

Wannan amsar wanda ya fahimci abin da ya rubuta ce, kuma maganar tana cikin rubutun hannunsa da Turanci mai rauni. Sai ta ajiye manazarta ukun a gabansa ta ce, "Na nemi waɗannan ban same su ba. Taimaka mini, a ina ka karanta su?" Ya yi shiru. Ba ta cike shirun ba. Can ya ce bai karanta su ba. An ce a kawo aƙalla takwas, shi kuma shida gare shi, sai ya ce wa ChatGPT ya ba shi ƙarin uku, kuma shi ne ya gyara masa Turancin duka.

Dubi abin da ya fito. Tunanin nasa ne, shaida ta nuna. Manazarta uku na ƙarya ne, ya kuma amsa da bakinsa ba tare da matsi ba. Gyaran Turanci an yarda da shi amma bai bayyana ba. Da malamar ta buɗe da "na'ura ce ta rubuta maka wannan", da ya musa, kuma da gaskiyarsa, sai a rabu a kan musu ba a kai ga ainihin laifin ba. Yanzu abin da za ta rubuta ya takaita ga abu biyu da aka tabbatar, hukuncinsu kuma yana cikin dokar makaranta.

Da a ce ya kasa bayyana sakin layin, ta sauƙaƙa tambayar, ta ba shi dama da Hausa, ta gwada wasu wurare biyu ko uku, duk bai san abin da ke ciki ba, babu kuma rubutun hannu ko littafin da zai iya ambata, to abin da za ta rubuta shi ne ɗalibin bai iya bayyana aikin da ya miƙa ba a wurare kaza da kaza. Ba za ta rubuta cewa ChatGPT ne ya yi ba, domin yana iya zama aboki ne, ko wanda aka biya, ko tsohon kundi. Kasa amsa tambaya ɗaya kuwa ba komai ba ne. Kowa yakan manta abin da ya rubuta makonni biyu da suka wuce.

Bayan ganawa

Kada ka yanke hukunci a kujerar. Ka gode masa, ka faɗa masa ranar da zai ji sakamako, ka ba shi kwana biyu ko uku ya kawo duk wata shaida da ya tuna. A ranar, ku rubuta taƙaitaccen bayani: kwanan wata, waɗanda suka halarta, tambayoyin da aka yi, amsoshin da kalmominsa, abin da ya nuna. A ba shi ya karanta, ya gyara inda aka juya masa magana, kowa ya sa hannu, ya tafi da kwafi.

Idan abin ya kai laifin da dokar makaranta ta ce a kai gaba, a miƙa shi ga shugaban sashe ko jami'in jarrabawa, su kai kwamitin da ke da hurumi. Malamin da ya yi zargi shaida ne, bai kamata ya zama alƙali ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi haƙƙin a saurari mutum cikin adalci, kuma tun 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai da aka yi bayan wata tarzoma, cikin dalilanta har da cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ƙa'idar da muka sani a fiƙihu ma ita ce hujja tana kan mai da'awa. Ba ɗalibi ne zai tabbatar bai yi ba.

Akwai wata hanya da ake bi a ɓoye wadda ya kamata a guje mata: malam bai da hujja, bai kira ɗalibi ba, sai kawai ya zaftare masa maki ko ya riƙe sakamakonsa. Wannan hukunci ne ba tare da shari'a ba, ɗalibin kuma bai san abin da zai ɗaukaka ƙara a kai ba.

Idan shakka ta rage bayan ganawa, shaida ba ta isa ko ta wane gefe ba, ana iya ba shi zaɓin rubuta shafi ɗaya ko biyu kan batun a gabanka cikin awa ɗaya, da littattafansa a buɗe, matuƙar dokar sashe ta yarda. A auna fahimtar da ke ciki, kada a auna santsin Turanci da na jingar gida. Idan kuwa bayaninsa ya gamsar, ka faɗa masa a fili, a rubuce, cewa maganar ta mutu kuma babu abin da zai shiga fayil ɗinsa. Ka duba aikin ka ba shi cikakken makin da ya samu, ka kuma sanar da malamin da ya zauna shaida da shugaban sashe idan sun san da maganar, don kada zargin ya bi shi zuwa lokacin da za a raba masu duba kundin digiri.

A zango mai zuwa, rubuta a takardar tsarin kwas abin da aka yarda da abin da aka hana, ka ce kowa ya ajiye rubutun hannunsa ko tarihin fayil har sakamako ya fito, ka kuma sanar cewa bayan kowace jinga za ka zaɓi mutum goma ta hanyar ƙuri'a su zo su yi bayanin aikinsu na minti biyar. Idan kira ofis ya zama abin da aka saba, wanda ka kira saboda wata tambaya ta musamman zai shigo cikin sauran ba tare da kowa ya nuna shi da baki ba.